11:11 ta sa ni gaba, don Allah masu sani ku zo

Nasiru Jega: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ke damuna, na rasa wanda zan tambaya kar a ce na fara taɓuwa. Yau kusan wata biyu ke nan, in na ɗaga waya don in duba lokaci sai in ga 11:11. Wani lokaci 12:12, wani lokaci 14:14. Jiya ina cikin ba wani mutum kuɗinsa a shago, ido ya faɗa kan waya, 11:11 cif. Har gabana ya faɗi. Akwai mai irin wannan? Kuma mi yake nuhi?

Ɗan Audu Argungu: Wa alaikumus salam. Agogon wayarka ne ya tsaya, abokina. Tawa ta taɓa yin haka bayan ta faɗa ruwa. Kai ta wurin masu gyara su duba batir.

Nasiru Jega: Ba tsayawa ya yi ba, Ɗan Audu, agogo na tafiya lahiya lau. Ni ne dai duk sanda na duba sai in tarar da lambobin sun yi tagwaye.

Sadik BK: Nasiru, ka kwantar da hankalinka, abin alheri ne. Turawa suna da ilimi a kan wannan, niyumaroloji, kuma irin lambobin nan suna ce musu lambobin mala'iku. 111 ko 11:11 alama ce ta buɗewar sabon babi, wai abin da kake ta tunani ya kusa tabbata, shi ya sa wasunsu in sun gani suke yin fata a ransu. 222 ka yi haƙuri, abubuwa na daidaita. 444 kariya, wai ana tsaronka. 555 babban canji na tafe. Ba sabon abu ba ne, tun zamanin Pythagoras na Girka ake yin sa, shekara fiye da dubu biyu.

Anti Luba: Sabon babi? To ai mun san babin. Nasiru, an ba ka amsa daga gidan su yarinyar nan ko har yanzu kawunnanka na jira?

Nasiru Jega: Haba Anti, a gaban jama'a? Ana jira dai. Amma gaskiya tun lokacin da aka kai gaisuwa abin ya fara.

Maman Ilham Gusau: Ni tawa ta fi taka ban tsoro. Tsakar dare nake farkawa, in jawo waya, 3:33. Sau uku a watan nan. Maigida ya ce in bar ajiye waya kusa da kai, amma ai ba wayar ke tashe ni ba.

Malam Garba: Nasiru, kafin a je ga ma'ana bari mu fara da ƙidaya, tunda lissafi nake koyarwa shekara da shekaru a nan Birnin Kebbi. Wayarka a tsarin awa 24 take, tunda ka ambaci 14:14. A wannan tsari kowace awa tana da minti ɗaya da lambar awa da ta minti suke zuwa iri ɗaya: 08:08, 09:09, 10:10, har 23:23. Minti ɗaya cikin sittin ke nan. Wato duk lokacin da ka ɗaga waya ba da shiri ba, kamar ka sa hannu ne cikin kwano mai tsakuwa sittin, ɗaya fara, sauran baƙaƙe.

In sau ɗaya ka sa hannu a yini, da wuya ka ciro fara. Amma kai sau nawa kake duba waya? Shiga Settings, ka nemi Digital Wellbeing, zai nuna maka sau nawa ka buɗe ta yau. Ka faɗa mana.

Nasiru Jega: Malam, sau 74 ya nuna, kuma ko magariba ba a yi ba. Sana'ata ce ta sa, shagon cirar kuɗi da tura kuɗi gare ni, kowane alat sai na duba.

Malam Garba: Madalla. Mu ma rage, mu ce sau 60. Mai duba waya sau 60 a yini, a matsakaici zai ci karo da tagwayen lamba sau ɗaya kowace rana. Wata rana sau biyu, wata rana babu, amma in ka lissafa, kusan kwana biyu cikin kowane kwana uku sai ya gani aƙalla sau ɗaya. Babu wanda ya aiko masa, haka kwanon yake.

Kuma ba tagwaye kaɗai ke ɗaukar ido ba. Akwai masu karantuwa ta gaba da ta baya, irin 12:21 da 13:31 da 20:02, su 16 ne a rana, uku daga ciki mun riga mun ƙirga su cikin tagwaye, saura 13. Haɗa da 24 ɗin farko, 37. Ƙara irin su 12:34 da 02:22 da 04:44, ka wuce arba'in. Minti 1440 ne a kwana ɗaya, ka raba da 40, ya zama ɗaya cikin 36. Da wannan lissafin, mai duba waya sau 60 zai ga wata lamba mai tsari a kwana huɗu cikin biyar. Ranar da bai gani ba ita ce abin mamaki.

Sadik BK: Malam, na yarda da lissafinka, amma ka kauce. Shi 11:11 yake gani, ba kowace lamba ba. Ita minti ɗaya ce tak a yini a wayarsa.

Malam Garba: Ka yi gaskiya Sadik, kuma nan ne ƙidaya kaɗai ba ta isa ba. In mutum yana farke awa 16, minti 960 ke nan. Dubawa 60 cikin minti 960, damar ya faɗa kan wani minti guda da aka ware kusan ɗaya cikin 16 ce. Sau biyu a wata, ko kusa da haka. In Nasiru yana ganin ta sau huɗu a mako, to akwai wani abu ban da sa'a. Ni dai zatona abin daga wurinsa yake, ba daga sama ba, amma a bari a gwada.

Abu na farko, ido na gani da yawa, zuciya kaɗan take riƙewa. Nasiru, ka tuna lokacin da ka gani a dubawarka ta ƙarshe kafin wannan? Ba za ka tuna ba, don 16:47 ba ta da fuska. 11:11 kuwa sanduna huɗu ne a tsaye, ko yaro ya gani sai ya nuna. Sau 73 ka ga lambobin banza sun wuce, ɗaya ta tsaya, da dare in ka kwanta ita kaɗai za ka tuna. Kamar wanda ya sayi sabon babur ne, ranar da ya hau sai ya ga garin ya cika da irinsa har launi. Da ma suna nan, bai da dalilin kula su ne. Wani masanin harshe a jami'ar Stanford, Arnold Zwicky, ya raɗa wa abin suna a 2005, in an fassara shi ne ruɗin yawan gani.

Na biyu, wanda ke jiran labari ya fi kowa duba waya. Anti Luba da wasa ta faɗa, amma ta taɓa inda ya dace.

Anti Luba: Ka ji ko? Ban yi boko mai zurfi ba amma na san ciwon jira.

Alaramma Sani Gwandu: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Sadik, ɗana, maganar mala'iku da ka kawo a yi hattara da ita. Ba mu da wani nassi da ya ce mala'iku na aiko saƙo ta agogo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfi, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, kuma a cikinsa ya ce fa'ali na burge shi, da anka tambaye shi mi ne ne fa'ali ya ce kyakkyawar kalma. Ka hito neman abu ka ji wani ya kira "ya Nasiru", ranka ya yi daɗi, ka ci gaba da tahiyarka. Wannan ba laihi. Amma ka fasa tahiya ko ka ƙulla ciniki don ka ga lamba, wannan shi ne abin da aka hana.

Sadik BK: Allah gafarta Malam, ba gardama nake ba, amma ai mu ma muna da namu. Hisabi fa? Malamai na lissafa suna da sunan uwa su faɗi tauraro. Ga 786 da ake rubutawa a madadin Bisimilla. Me ya raba shi da na Turawa?

Alaramma Sani Gwandu: Tambaya mai kyau, kuma abu biyu ka haɗa. Abajada ita kanta hanyar rubuta lamba ce da haruffa: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har dubu. Malamanmu na jihadi sun yi amfani da ita wurin sa shekara a ƙarshen waƙa, shi ne ramzi, Nana Asma'u na yawan yi. Wanga ba duba ba ne, kwanan wata ne. Duba da suna kuwa wani abu ne daban da anka ɗora a kai, kuma malamai da yawa sun hana shi.

Amma bari in nuna maka wani abu game da 786 ɗin. Lissahin mutanen gabas ne, inda sin take 60. Bismi 102, Allahi 66, Arrahmani 329, Arrahimi 289, ka haɗa ka samu 786. Mu a nan tsarin Magrib munka gada, inda harafin sin yake 300, shin kuma 1000, ra 200, shi ya sa ramzin shekarun 1200 na Hijira yake zuwa da shin da ra. To sa 300 a wurin 60, Bisimilla ta koma 1026. Aya ɗaya, lamba biyu. In sirrin cikin lambar yake, wacce daga ciki?

Malam Garba: Allah ya ƙara ilimi, Alaramma. Wannan ban san shi ba sai yau, kuma daidai yake da matsalar agogo. Sadik, masu wancan ilimin suna haɗa lambobi har su koma guda ɗaya, ko ba haka ba? 11:11 ta ba da 4. Amma kuma sun ce 11 da 22 da 33 manyan lambobi ne, ba a narkar da su. To ga ƙa'ida biyu tun ba a je ko'ina ba. Sannan 11:11 ta dare a wayar Maman Ilham, a wayar Nasiru 23:11 ce, in ka haɗa 7. Minti ɗaya, ɗaki ɗaya, saƙo biyu, bambancin kawai abin da kowa ya danna a saitin wayarsa.

Ka ƙara da wannan. Lokacin da agogon Jega ke cewa 11:11, a Makka 13:11 ne, a Accra 10:11. Kuma agogon Najeriya an ɗaure shi ne da layin digiri 15 gabas, wanda ya wuce Maiduguri ma. Birnin Kebbi tana kusan digiri 4, kowane digiri minti huɗu ne, don haka ranarmu tana bayan agogo da minti arba'in da wani abu. Shi ya sa azahar ɗinmu ke shiga bayan ta mutanen Borno. Lambar da ke kan waya yarjejeniyar mutane ce.

Sadik BK: To Pythagoras fa? Shi ma ƙarya ne?

Malam Garba: A'a, ya rayu, wajen ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa, kuma mabiyansa sun ba lambobi ma'anoni. Wannan rabin maganarka daidai ne. Amma bai taɓa ganin 11:11 ba. Duba agogon bango mai hannu a sha ɗaya da minti sha ɗaya, ba abin da zai ja idonka, hannu ɗaya nan ɗaya can. Sai da agogo mai nuna lambobi ya yaɗu, wajen shekarun 1970, sannan aka sami abin gani. Jerin ma'anonin da ka kawo kuwa, wadda ta fi yaɗa shi wata Ba'amurkiya ce, Doreen Virtue, a shekarun 2000. A 2017 ta bar harkar, ta riƙi addinin Kirista, daga baya ta riƙa gargaɗin mutane a kan abin da ta koyar da kanta. Kuma 444 da ka ce kariya, a ƙasar Sin gudun lamba 4 ake yi, don furucinta ya yi kusa da kalmar mutuwa.

Sadik BK: Wannan na matar ban sani ba. Amma ni dai ranar da aka kira ni aiki na ga 5:55 da asuba, wannan ba wanda zai cire min shi.

Anti Luba: Sauran asubahin da ka gan ta ba a kira ka ba fa?

Sadik BK: Anti ke dai ba a cin ki gardama.

Bashar Kamba: Jama'a ni ban karanta duka ba. A taƙaice wace lamba za a buga gobe?

Shugaban zaure: Bashar, ba zauren caca ba ne nan. Gargaɗi na farko.

Maman Ilham Gusau: Kun bar ni a baya. Ni ba sau 70 nake duba waya da dare ba, sau ɗaya ne. Lissafin tsakuwar Malam bai kama ni ba.

Malam Garba: Gaskiya ne Hajiya, naki daban ne. Abin da na sani shi ne barci zagaye-zagaye yake yi, kowane zagaye kusan awa ɗaya da rabi, kuma a rabin dare na biyu ya fi sauƙi, ƙaramin motsi ke tashin mutum. Mai kwanciya a lokaci ɗaya kullum yakan farka a kusan lokaci ɗaya. In kina farkawa tsakanin uku da huɗu a yawancin darare, kwanonki mai tsakuwa sittin ne shi ma, amma in tsakanin 3:25 da 3:40 ne, ya koma sha biyar. Ko akwai abin da ke faruwa a unguwarku a lokacin, ɗauke wuta fanka ta tsaya, zakara, mai gadi, ko yaro ya motsa?

Maman Ilham Gusau: Ƙaramin yana tashi shan nono wajen wannan lokacin, amma ba kullum ba. Ko da sha biyar ɗin ne, sau uku a wata bai yi yawa ba?

Malam Garba: In dare talatin kina farkawa a cikin wannan tazara, sau biyu ake sa rai, uku ba abin mamaki ba ne. In kuwa sau biyar kacal kika farka a watan, uku suka faɗa kan 3:33, to wannan ya yi yawa, ba zan ɓoye miki ba. Sai kin rubuta za mu gane wanne ne.

Alaramma Sani Gwandu: Ko ma wanne ne, Hajiya, sulusin dare na ƙarshe ne. In kin farka ki yi alwalla ki roƙa muna.

Malam Garba: Nasiru, ga aikin gida na mako ɗaya. Na farko, na'urarka ta cirar kuɗi tana buga lokaci a kan kowane rasit, kuma ita ba ta da budurwa, ba ta jiran kowa. Ka ƙirga duk cinikin mako, ka ware waɗanda awa da minti suka zo iri ɗaya. Na biyu, ka ajiye littafi kusa, daga goma da rabi zuwa sha biyu, duk sanda ka kalli agogo ka rubuta abin da ka gani, ko lambar ta yi kyau ko ba ta yi ba. Na uku, na ba ka wata lamba mara fasali, 16:17. Ka sa ta a rai, mu ga ko za ta fara bin ka.

Nasiru Jega: An gama Malam.

Nasiru Jega: Salamu alaikum, na dawo da sakamako, kwana bakwai cif. Rasit 486. Masu tagwayen lokaci 7: 09:09 sau biyu, 13:13, 15:15, 17:17 sau biyu, da 11:11 sau ɗaya.

Malam Garba: 486 a raba da 60, takwas da ɗan ɗoriya. Ka samu bakwai. Littafin fa?

Nasiru Jega: Nan ne kunya ta kama ni. Na ga 11:11 kwana huɗu cikin bakwai. Amma ga abin da na rubuta ranar Talata: 10:41, 10:58, 11:04, 11:07, 11:09, 11:10, 11:11. Bayan nan ban sake dubawa ba sai 11:52. Ranar Alhamis ma kusan haka. Ranar Laraba, da yake kasuwa ta cika mini shago, na duba 10:50, ban sake ɗaga kai ba sai 11:35, ban gan ta ba. Ashe ni ke yi mata kwanton ɓauna ban sani ba.

Ɗan Audu Argungu: To ashe ba batir ba ne.

Sadik BK: Amma littafin da kansa ya sa ka ƙara dubawa. Ka san ana gwaji, dole hankalinka ya koma can. Ba lalle haka kake yi a watanni biyun baya ba.

Malam Garba: Wannan sukar taka mai kyau ce, Sadik, da kana ajina da na ba ka maki. Littafin bai tabbatar da abin da ya faru a baya ba, ya nuna dai yadda abin ke iya faruwa. Rasit ɗin ne shaidar da ba ta san ana gwaji ba. Nasiru, in kana da na watan jiya a na'ura, ƙirga su ma.

Nasiru Jega: Zan duba in sun rage. 16:17 kuwa na gan ta sau uku, kuma jiya na gan ta a lambar wata motar shinkafa, 617. Malam ka ƙara mini wata jinya.

Maman Ilham Gusau: Ni na rubuta dare shida: 3:12, 3:50, ban farka ba, 3:33, 2:47, 3:29. Ga ta nan dai ta sake zuwa. Ban san me zan ce ba.

Malam Garba: Dare shida ba su isa a yanke hukunci ba, Hajiya. Ci gaba har wata ya cika. In kina so kuma ki juya wayar ki bar dubawa na mako guda, ki ga ko farkawar za ta ragu.

Maman Ilham Gusau: In ban duba ba ta yaya zan san ko ita ce?

Anti Luba: Ku bar lissahi haka nan. Nasiru, gidan su yarinya fa?

Nasiru Jega: Sun ce a turo ranar Asabar, Anti. Kawu ne ya kira ni jiya.

Sadik BK: Ƙarfe nawa ya kira?

Nasiru Jega: Na duba. 19:26.

Sadik BK: 1 da 9 da 2 da 6, sha takwas, 1 da 8 tara. Tara lambar cikar al'amari ce fa.

Shugaban zaure: Sadik, kai ma gargaɗi na farko. Allah ya sanya alheri, Nasiru.